Yadda filash ke riƙe bayanai ba wuta, da dalilin da ya sa yake gajiya

Tambaya: Malam, ina gyaran waya da kwamfuta, kuma kullum ana kawo mini memori ko SSD da suka fara ɓata hotuna. Me ke riƙe bayanan a ciki bayan an cire wuta? Kuma tunda babu abin da ke motsi a ciki, me ke cinyewa har ya gaji?

Amsa:

Abin da ke riƙe bayanan ilektiron ne da aka kulle a cikin wani ɗan guntun silikon wanda ba ya taɓa kowace waya. Abin da ke cinyewa kuma shi ne siririn shingen da ya kewaye guntun, domin ta cikin shingen nan ake tura ilektiron ɗin da ƙarfi a duk rubutu da duk gogewa. Amma sai an ga yadda aka gina ƙwayar ajiya guda ɗaya kafin maganar ta zauna.

Kowace ƙwaya taransisto ce, irin wadda ka sani a allon waya, sai dai ƙarama ƙwarai. A ƙasa akwai silikon, da sos a gefe ɗaya, diren a ɗaya gefen, da mashigi tsakaninsu. A taransisto ta yau da kullum get ɗaya ne a saman mashigin: ka ba shi boltej, mashigi ya buɗe, wuta ta wuce. A ta filash get biyu ne, ɗaya kan ɗaya. Na sama shi ne kwanturol get, shi ke da waya. Na ƙasa shi ne fulotin get, kuma babu wayar da ta isa gare shi ta kowane ɓangare. Tsakaninsa da mashigi akwai shimfiɗar oksayid na silikon mai kaurin nanomita 7 zuwa 10. Tsakaninsa da get na sama akwai wata shimfiɗar mafi kauri, hawa uku: oksayid, naitirayid, oksayid. Dawon Kahng da Simon Sze ne suka fara bayyana wannan tsari a Bell Labs a 1967, sannan Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya gabatar da filash irin NOR a 1984 da irin NAND a 1987. NAND ɗin ne ke cikin memori, filash na USB, SSD da ma'ajiyar waya, don haka a kansa zan tsaya.

Ilektiron da ke cikin fulotin get ba zai iya fita haka kawai ba, domin tsallake oksayid yana buƙatar kuzari wajen ilektiron-bolt 3.1, alhali abin da zafin ɗaki ke ba shi bai wuce 0.026 ba. Ba batir ke tsare shi ba, tsayin shingen ne. Shi ya sa cire wuta ba ya canza komai.

Karatu kuwa ba ƙirga ilektiron ake yi ba kai tsaye. Kowace taransisto tana da boltejin da in an kai shi a kan get sai mashigi ya buɗe. A takardun bayanin kaya ana rubuta shi Vt. Ilektiron caji ne mai korar ɗan'uwansa, to idan suna zaune a fulotin get sai su rage ƙarfin abin da get na sama ke aikawa ƙasa, dole a ƙara boltej kafin mashigi ya buɗe. Wato yawan ilektiron yana ɗaga Vt. Ƙwayar da aka goge Vt ɗinta yana ƙasa da sifili, wajen bolt 2 zuwa 3 a ƙasa, don haka ko da sifili aka sa wa get ɗinta wuta za ta wuce: wannan shi ne 1. Wadda aka rubuta Vt ɗinta ya haura sifili, ba za ta buɗe ba: wannan shi ne 0. Idan ka taɓa karanta sabon cif da furogirama ka ga FF daga farko har ƙarshe, dalilin ke nan, duk ƙwayoyin a goge suke.

Yanzu rubutu. Cif ɗin yana karɓar bolt 3.3 ko ƙasa da haka daga allo, amma a cikinsa akwai da'irar da ke ninka boltej har ya kai 15 zuwa 20. Ana ɗora wannan a kan kwanturol get, mashigi kuma a riƙe shi a sifili. Fulotin get yana tsakiya, kamar mahaɗar kapasita biyu, kuma yakan ɗauki kusan kashi 60 cikin 100 na boltejin da ke sama. Ɗauki bolt 16: fulotin get zai kai 9.6. Raba 9.6 a kan nanomita 8, ka sami bolt miliyan 12 a kan kowane santimita. A irin wannan matsi shingen yakan karkace ya zama siriri ta sama, har ilektiron ya ratsa shi ba tare da ya hau ba. Ana kiran wannan ratsawar Fowler-Nordheim, kuma tana fara ƙarfi ne daga wajen bolt miliyan 10 a santimita. Ka lura da kyau, wannan matsi yana dab da inda oksayid ke fashewa gaba ɗaya. Ba kuskuren ƙira ba ne, babu wata hanyar shiga. Ɗaki ne da aka gina ba ƙofa, duk shiga da fita ta jikin bango ake yi, kuma bangon nan ne ake so ya tsare kaya shekara goma.

Ba a bugun ƙwaya da boltej sau ɗaya a wuce. Ana farawa daga ƙasa, a ba ta bugu na 'yan maikurosakan, a karanta a ga ko Vt ya kai inda ake so, in bai kai ba a ƙara kamar bolt 0.2 ko 0.3 a sake. Ƙwayoyi dubbai ne a layi ɗaya suke shan bugun tare. Wadda ta kai sai a ɗaga boltejin mashiginta, bambancin da ke kan oksayid ɗinta ya ragu, ratsawa ta tsaya, sauran su ci gaba. Ƙanƙantar matakin ita ke sa Vt ya sauka daidai, amma tana cin lokaci. Shi ya sa rubutu ya fi karatu jinkiri sau goma ko fiye.

Gogewa juyin wannan ce: get a sifili, silikon na ƙasa a wajen bolt 20, ilektiron su ratso su dawo. Sai dai silikon na ƙasan tarayya ne ga ƙwayoyi masu yawa, don haka ba a goge ƙwaya ɗaya ko shafi ɗaya. Rubutu da karatu shafi-shafi ne, kilobayit 4 zuwa 16, gogewa kuma bulok-bulok, shafi ɗaruruwa a tare. Kuma rubutu ɗaga Vt kawai yake iyawa, ba ya sauke shi. Mai son canza bayit ɗaya a tsohon shafi, dole kwanturola, wato da'irar da ke sarrafa ma'ajiyar, ta rubuta shafin a wani sabon wuri, ta yi wa tsohon alamar shara, a goge bulok ɗinsa daga baya.

Ilektiron nawa ake magana a kai? A nan ne abin ke da daɗin lissafi. Dokar gajeriya ce:

```
ΔVt = N × q / C
q = 1.6 × 10^-19 kulom
```

N yawan ilektiron ne, q cajin guda ɗaya, C kuma kapasitans da ke tsakanin get ɗin biyu. Mu ɗauki ƙwaya mai faɗin nanomita 40, wadda C ɗinta zai kai kimanin atofarad 16, wato farad 16 × 10^-18. Ilektiron ɗaya zai motsa Vt da milibolt 10, wato 100 ke ba da bolt ɗaya. Idan ƙwayar bit ɗaya take riƙewa, irin da ake kira SLC, matakai biyu ne kawai. A ce an rubuta ta a bolt 2, ana kuma yanke hukunci a sifili. Sai ta zubar da ilektiron 200 kafin 0 ya koma 1.

To a sa mata bit uku, wato TLC, wanda shi ne ya cika kasuwa. Bit uku na buƙatar matakai 8: na goge, da bakwai a samansa. Ba za a iya ɗaga na ƙarshe yadda aka ga dama ba, don haka mu jera bakwai ɗin daga 0.5 zuwa 4.7, tazarar 0.7 tsakanin kowane biyu. Ƙwayoyin da aka aika mataki ɗaya ba sa sauka wuri ɗaya cif, sukan bazu, a ce faɗin 0.4. Abin da ya rage fili tsakanin mataki da mataki 0.3 ne, kuma a tsakiyarsa ake sa layin hukunci. Ƙwayar da ta sauka a gefen ƙasa na matakinta tana da 0.15 kacal kafin ta faɗa na ƙasa. Ilektiron 15 ke nan. Idan ana so ta riƙe bayanan shekara guda, kada ta yi asarar da ta wuce kusan ilektiron ɗaya a wata. Da aka rage ƙwayoyi zuwa ƙasa da nanomita 20, C ya ragu, kowane ilektiron ya ƙara nauyi, wannan 15 ɗin ya koma abin da za ka ƙirga da yatsun hannu. Waɗannan lambobi na misali ne, kowane kamfani da nasa, amma girmansu haka yake.

An yi wata dabara a nan da ta cancanci a sani: ana jera lambobin matakan ne yadda maƙwabta biyu suka bambanta da bit ɗaya tak. Ƙwaya ta zame mataki ɗaya, bit ɗaya ne ya ɓaci, ba uku ba.

Sai batun gajiya. Ilektiron da ya ratso oksayid a ƙarƙashin wancan matsi yana fitowa da kuzari mai yawa. Yana kakkarya haɗin da ke tsakanin atom da atom, musamman haɗin silikon da haidirojin da ke kan iyakar silikon da oksayid. Wani lokaci kuma yakan tayar da caji kishiya, wanda ke komawa cikin oksayid ya ƙara ɓarna. Duk inda haɗi ya karye, an sami wurin da caji zai iya maƙalewa. Wannan shi ake kira tarko. Zagaye ɗaya na rubutu da gogewa yana haifar da kaɗan ne, amma taruwa suke yi, kuma ɓarnarsu iri uku ce.

Ta farko, ilektiron su maƙale a cikin oksayid ɗin kansa, ba a fulotin get ba. Su ma suna ɗaga Vt, kuma gogewa ba ta kwashe su duka. Sakamakon yana ba mutane mamaki: tsohuwar ƙwaya ta fi sabuwa saurin rubutuwa, domin Vt ɗinta ya riga ya ɗan hau, amma ta fi ta wuyar gogewa. Bugun gogewa ɗaya ya koma biyu, ya koma huɗu, har ranar da cif zai ce gogewa ta gaza, kwanturola ta ajiye wannan bulok gefe ta ɗauko wani daga cikin na ko-ta-kwana.

Ta biyu ta fi wayo. Lokacin da ake rubutu ana duba Vt, cajin da ya maƙale a tarko yana cikin abin da aka auna. An ga ya kai 3.3, an tsaya. Bayan kwanaki ko makonni tarkunan suka saki abin da suka riƙe, Vt ya sauko, alhali ko ilektiron ɗaya bai fita daga fulotin get ba. Zafi yana hanzarta wannan sakin sosai.

Ta uku ita ce yoyo. Ratsawa tana raguwa da sauri ƙwarai idan kauri ya ƙaru, shi ya sa nanomita 8 lafiyayye ba ya ratsuwa a ƙaramin boltej. Amma idan tarko ya zauna a tsakiyar shimfiɗar, ilektiron ba sai ya ratsa 8 a tashi ɗaya ba: ya ratsa 4 ya sauka a tarko, ya sake ratsa 4 ya fita. Idan tarko biyu suka yi layi, abin ya ƙara sauƙi. Kuma da yake fulotin get silikon ne mai gudanar da wuta, ilektiron ɗin cikinsa suna yawo ko'ina, hanya ɗaya da ta buɗe a kusurwa ta isa ta tsiyaye shi duka. Wannan ne ma ya hana a rage kaurin oksayid ƙasa da wajen nanomita 7, duk da an yi ta rage faɗin ƙwaya shekara da shekaru. Matakan sama ne suka fi saurin zuba, domin su ne suka fi caji, cajin kuma da kansa yake matsa wa shingen.

Ka ga ke nan ƙwaya ba mutuwa take yi rana ɗaya ba. Tana nan tana karɓar rubutu, sai dai tsawon lokacin da take iya riƙewa yana raguwa: sabuwa shekara goma ko fiye, tsohuwa shekara ɗaya, wadda ta ƙare makonni. Idan aka ce SLC yana kai zagaye 50,000 zuwa 100,000, MLC mai bit biyu 3,000 zuwa 10,000, TLC 1,000 zuwa 3,000, QLC mai bit huɗu kuma ɗaruruwa zuwa wajen 1,000, ba wai oksayid ɗin SLC ya fi na TLC ƙwari sau ɗari ba ne. Filin da ke tsakanin matakai ne ya bambanta. Ɓarnar da za ta motsa Vt da 0.2 ba ta dami SLC ba, ta kuwa isa ta rikita TLC.

Akwai ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin cif, mai lamba JESD218 da ta fayyace ma'anar "ya ƙare". SSD na kwamfutar gida, bayan ya cinye duk rubutun da aka yi masa alkawari, dole ya iya riƙe bayanai shekara 1 ba wuta a digiri 30 na Salshiyas. Na manyan sabobi wata 3 ne a digiri 40. Lissafin da ake yi na tasirin zafi yana amfani da kuzarin ilektiron-bolt 1.1, kuma da shi daga digiri 30 zuwa 40 saurin asara yana ninkuwa kusan sau 4, daga 30 zuwa 55 kuma kusan sau 25. Wato gajiyayyen SSD da zai riƙe shekara a 30, wata uku da 'yan kwanaki zai yi a 40, mako biyu a 55. Mai shago a Sakkwato ko Yamai da ke ajiye kaya a ƙarƙashin kwanon rufi a watan Afrilu, ko direban da ke barin filash a gaban mota a rana, wannan lissafi da shi yake. Amma kada a tsorata mutane da shi: na wanda ya cinye kwanansa ne, sabo yana da rata mai faɗi.

Karatu ma yana taɓa ƙwaya, ko da yake kaɗan. A NAND ƙwayoyi jere suke a sarƙa, gommai ko fiye da ɗari a layi ɗaya. Don a karanta guda, dole a buɗe sauran duka da boltej wajen 6 ko sama, wanda ya haura Vt na kowane mataki. Wannan rubutu ne mai rauni. Bulok da aka karanta sau dubun dubbai ba a goge shi ba, ƙwayoyinsa na matakin goge sukan ɗan tara ilektiron su hauro. Wannan ba lalacewar oksayid ba ce, kwashe bayanan zuwa wani bulok da goge tsohon yana maganinta, amma gajiyayyen oksayid ya fi saurin kamuwa.

To me ya sa kai a shago kake ganin abin kamar farat ɗaya? Saboda kwanturola tana rufa wa cif asiri har sai ta kasa. Babu NAND na zamani da ake karantawa ba kuskure, ko sabo ne. Kowane yanki na bayanai yana tafe da ƙarin bit na gyara. Ɗauki kwanturola mai iya gyara bit 40 a cikin kowane kilobayit ɗaya, wato bit 8,192. Idan bit ɗaya cikin 1,000 ke fitowa a ɓace, kowane yanki yana da kuskure wajen 8. Yiwuwar wani yanki ya haura 40 ƙanƙanuwa ce har ba a lissafa ta, kusan ɗaya cikin 1 mai sifili 16. Yanzu bari gajiya ta ninka kuskuren sau uku kawai, 3 cikin 1,000. Matsakaici ya zama wajen 25, kuma kusan yanki 3 cikin kowane 2,000 za su haura 40. Hoto mai megabayit 3 yana da yanki wajen 3,000, wato wajen huɗu ko biyar a cikinsu sun lalace. Daga babu komai zuwa kusan kowane hoto da tabo, kuma abin da ya canza a ƙasa ninki uku ne kawai. Hoton da rabinsa ya koma toka-toka ko ya rarrabu da layukan launi, sau da yawa labarinsa ke nan.

Kafin a kai nan akwai alamar da ke riga zuwa, ita ce jinkirin karanta tsofaffin fayiloli. Idan gyara ya gaza a karon farko, kwanturola takan sauke layin hukunci kaɗan ta sake karantawa, ta sake saukewa ta sake, tana bin Vt ɗin da ya zame. Kowane maimaici lokaci ne. An ga wannan a fili a 2014 da Samsung 840 EVO, mai TLC na nanomita 19: fayilolin da suka yi watanni a ajiye suna karantuwa a hankali ƙwarai, sababbi kuwa da gudu. Kamfanin ya fitar da gyara a ƙarshen 2014, sannan wani a 2015 wanda ke sa na'urar ta riƙa sake rubuta tsofaffin bayanai lokaci-lokaci. Don haka idan kwastoma ya ce hotunan bara ne ke nauyin buɗewa amma na jiya lafiya lau, ka kwashe masa komai a ranar, kafin ka taɓa wani abu.

Daga nan za ka gane kuskuren masu cewa a riƙa jona filash a kwamfuta don "ya yi caji". Wuta ba ta mayar da ilektiron ko ɗaya cikin fulotin get. Abin da ke sabunta bayanai shi ne a karanta su, a gyara kuskuren, a rubuta su a bulok da aka goge. SSD mai kyau yana yin haka da kansa idan an bar shi a kunne. Filash da memori masu araha ba a dogara da su a kan wannan. Ka kwafe komai waje, ka yi fomat, ka mayar.

Yawan rubutun da na'ura za ta ɗauka lissafi ne mai sauƙi. Kwanturola tana rarraba rubutu a kan duk bulok don kada wasu su ƙare su bar wasu, don haka jimilla ita ce girma sau yawan zagaye. Sai a raba da ninkin rubutu, domin wajen share bulok dole a kwashe shafukan da ke da rai a sake rubuta su, abin da ya isa cif ya fi abin da kwamfuta ta aika. SSD mai giga 256, zagaye 1,000, ninki 2: terabayit 128. Mai rubuta giga 20 a rana zai yi kwana 6,400, fiye da shekara 17. Aikin ofis ba ya kashe SSD. Amma ɗauki memori mai giga 32 a kyamarar tsaro mai naɗar megabit 4 a sakan. Rabin megabayit ke nan a sakan, giga 43 a rana, wato tana cika katin sau ɗaya da sulusi kullum. Idan ƙwayoyinsa zagaye 500 suke ɗauka, kwana 370 ne, ko da ba a sa ninkin rubutu ba, ga kuma zafin da kyamarar ke sha a jikin bango. Kati mai giga 128 na iri ɗaya zai ninka wannan sau huɗu, ba don ya fi inganci ba, sai don rubutun ya sami wurin bazuwa. Cika ma'ajiya maƙil kuma yana ɗaga ninkin rubutu, domin kowane bulok da za a share cike yake da shafuka masu rai. Barin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 fili yana rage wannan, ga waya da kwamfuta duka.

Ba sai ka yi duba da ƙasa ba, na'urori da yawa suna faɗin halin da suke ciki. A Linux:

```
sudo smartctl -a /dev/nvme0
sudo mmc extcsd read /dev/mmcblk0
```

A na farko duba Percentage Used, kiyasin kwanan da aka cinye, wanda yana iya haura 100. Available Spare shi ne abin da ya rage na bulok ɗin ko-ta-kwana, kuma saukarsa ta fi damuna a kan hawan na farko, domin wancan kiyasi ne, wannan kuwa bulok ne da suka gaza da gaske. Media and Data Integrity Errors idan ya bar sifili, an riga an sami abin da gyara ya kasa. Data Units Written kuma kowane ɗaya bayit 512,000 ne. Umarni na biyu na eMMC ne, daga siga ta 5.0 zuwa sama: Life Time Estimation yana tafiya daga 0x01, wato kashi 0 zuwa 10 cikin 100, har 0x0A, sannan 0x0B yana nufin an wuce iyaka. Na'urorin gyaran waya masu karanta eMMC wannan lambar suke nuna maka a matsayin lafiyar cif. Memori na SD na gama-gari ba ya ba da irin wannan rahoto. Alamarsa ta ƙarshe sau da yawa ita ce ya ƙi karɓar rubutu: ka goge fayil, ka cire ka mayar, ka tarar yana nan. Kwanturola ce ta kulle shi don bulok ɗin canji sun ƙare. Kada ka ɓata lokaci da fomat, kwafe kawai.

Abu biyu suna kama da gajiya amma ba ita ba ne. Katin jabu da aka rubuta wa giga 128 alhali 8 ne a ciki yana ɓata fayiloli da zarar an wuce girmansa na gaskiya, ko da sabo ne fil. Manhajojin f3write da f3read ko H2testw za su tona shi. Ɗayan kuma yankewar wuta a tsakiyar rubutu: Vt ya tsaya a tsakanin matakai, kuma da yake bit ɗin ƙwaya ɗaya na shafuka daban-daban ne, a wasu cif har shafin da aka riga aka rubuta lafiya yana iya ɓaci. Wannan fomat yana gyara shi, ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau.

Yawancin cif ɗin da za su zo hannunka yanzu ba a shimfiɗe suke ba, hawa-hawa aka gina su. Samsung ya fara sayar da irin wannan a 2013 da hawa 24, yau ana maganar fiye da 200. Ginin sama ya ba da damar mayar da ƙwaya babba, ilektiron suka sake yawa, shi ya sa TLC na yanzu ya fi na nanomita 19 juriya. Akasarin kamfanoni kuma sun maye gurbin fulotin get da shimfiɗar naitirayid na silikon, wadda ba ta gudanar da wuta: caji yana maƙale ne a tarkunan da aka tanada da gangan, don haka rami ɗaya a oksayid abin da ke kusa da shi kawai yake zubarwa. Intel da Micron sun ci gaba da fulotin get a ginin hawa-hawa na wasu shekaru kafin Micron ya sauya. Naitirayid yana da tasa matsalar, cajin yana ɗan zuba da wuri a sa'o'in farko bayan rubutu, yana kuma iya silalewa gefe zuwa ƙwayar sama ko ta ƙasa, tunda shimfiɗar ɗaya ce ta ratsa hawan duka. Rubutu da gogewa dai har yanzu ta cikin oksayid suke bi da boltej wajen 20, don haka lissafin zagaye, na zafi da na gyaran kuskure da muka yi a sama yana aiki a kansu yadda yake.